An sace min waya a Kejetia, da me zan fara?

*"Yaya, jiya da yamma aka zare min waya ina shiga motar Aboabo. Momo ɗina, lambobin masu sayen kayana da duk lissafin bashi suna ciki. Ta ina zan fara, kuma layina zai dawo kuwa?"*

Allah ya mayar maka da alheri, ƙanena. Layi yana dawowa, kuma shi za ka fara bi, ka bar zancen wayar tukuna. Ari wayar wani mai layi irin naka yanzun nan, ka kira `100`, ka ce an sace wayarka, a rufe layin da asusun momo da ke kansa. Wannan lambar ɗaya ce ga MTN da Telecel da AT. Amma kafin ka kira, tambayi kanka abu guda: da katin Gana na wa aka yi wa layin nan rajista? Amsar nan ce za ta nuna ko aikin yini ɗaya ne a gabanka ko na mako biyu. Na daɗe ina zaune a rumfar momo da gyaran waya a Aboabo, kuma kusan duk wanda na ga ya sha wuya bayan an sace masa waya, a nan ya maƙale. Bari in ba ka labarin mutum ɗaya daga farko har ƙarshe, don a cikinsa za ka ga kowane mataki da inda ƙafa take zamewa.

Dattijo ne mai sayar da wake da gero wajen Alabar, ina ce masa Kawu don abokin mahaifina ne. Ranar wata Alhamis bayan la'asar sakaliya ya je hawa turoturo a Kejetia, ana turereniya a ƙofar mota, ya zauna ya shafa aljihun riga ya ji wayam. Abin da ya yi daga nan shi ne abin da kowa yake yi. Ya ari waya ya yi ta kiran lambarsa, tana shiga ba a ɗauka, ya tura saƙo yana roƙon a dawo masa da cif ɗin ko da za a riƙe wayar. Da gari ya waye ya tafi PZ a Adum, yana bin teburan masu sayar da tsofaffin wayoyi ko zai hango tasa. Sai bayan an sauko daga Juma'a ya iso rumfata. Kusan awa 20 ke nan layinsa yana hannun wani a buɗe.

Ya zauna ya ce, "Ɗana, wayar nan sidi 1,500 na saye ta."

Na ce, "Kawu, nawa ne a momo?"

Ya yi shiru, sannan ya ce 6,400, kuɗin waken da zai aika Techiman ranar kasuwa.

Ɓarawon waya a yau ba gilashi da batir yake nema ba. Ko wayar tana da kulle, yana iya zare cif ɗin ya sa a wata ƙaramar waya, kuma daga wannan lokacin duk saƙon da aka aiko maka shi yake karantawa. Banki yana aiko lambar tabbatarwa ta layi. WhatsApp ta layi yake gane mai shi. Google ma, in ka manta kalmar sirri, layin yake nema. Shi ya sa kiran wayar da roƙon ɓarawo ɓata lokaci ne, har ma yana sanar da shi cewa ba ka rufe komai ba tukuna. Na Kawu ya fi haka muni, don wayarsa ba ta da kulle sam. Yana cewa hannunsa kullum da ƙurar gero, zanen kullen yana ba shi wahala.

Muka kira `100` da wayata. Mai amsawa ta tambayi sunan da ke kan layin, Kawu ya faɗi nasa. Ta ce bai yi daidai ba. Ta tambayi lambar katin Gana da ranar haihuwa, ya karanto nasa, nan ma ba su yi daidai ba. Sai a lokacin ya tuna. Lokacin da aka tilasta haɗa kowane layi da katin Gana, aikin da aka fara a 2021 aka rufe a ƙarshen watan Mayu na 2023, nasa katin bai fito ba. Don kada a yanke masa layin da ya shekara goma sha yana kasuwanci da shi, ɗan yayarsa ya yi rajistar da nasa katin. Katin Kawu ya fito daga baya, ya sa a aljihu, ba wanda ya koma ya gyara. Gidaje da yawa a zango haka suke har yau: layin uwa da sunan 'ya, layin maigida da sunan yaron shago.

Kawu ya fusata, yana cewa kowa a kasuwa ya san lambarsa ce. Na fahimci fushinsa, amma ban ga laifin mai amsawar ba. Da za a iya ba wa mutum layi don kawai ya rantse nasa ne, da ɓarawon ma zai iya zuwa ya rantse. A wurin kamfani, mai layi shi ne wanda katinsa da fuskarsa suke cikin rajista, ba wanda yake sa masa kuɗi ba.

Ɗan yayar yana Tamale yana aiki, lambarsa kuma tana cikin wayar da aka sace. Sai da muka aika yaro a faragiya zuwa Sawaba wajen mahaifiyarsa ya karɓo ta. Kawu ya so ya ce masa ya hawo motar dare ya zo Kumasi, na hana. Babu buƙata. Mai rajista yana iya rufe layi daga duk inda yake, kuma yana iya karɓar sabon cif a kowane ofishin kamfanin a ƙasar nan. Yaron ya kira, ya amsa tambayoyin, mu kuma muna gefe a ɗaya wayar muna gaya masa abin da ba zai sani ba, kamar kuɗin da ya rage a asusu da lambobin da Kawu ya fi kira. Kafin magariba an rufe layi da momo. Kawu kuma ya kira bankinsa ta lambar da ke bayan katin cirar kuɗinsa, ya ce a tsayar da duk wani abu da ake yi ta waya. Wannan bai ba da wahala ba, don asusun bankin da sunansa yake.

A nan ne ya sauke ajiyar zuciya, ni kuwa na san da saura. Rufe layi ba ya fitar da kowa daga WhatsApp. Manhajar tana neman layi ne ranar da aka yi mata rajista kawai, bayan haka duk intanet da ta samu tana aiki da ita. Ɓarawon yana iya jona wayar da intanet ɗin wata waya ya ci gaba da magana da sunan Kawu, da hotonsa, a cikin tsofaffin hirarrakinsa. Kuma abin da yake yi ke nan tun daren Alhamis. Ya bi hirarrakin ya ga su wa ake bi bashi, ya rubuta musu cewa momo ɗinsa ya samu matsala, su tura ta wannan lambar ta yaronsa. Wata hajiya mai dafa wake da shinkafa a Asawase, wadda take ɗaukar buhu bashi ta biya duk Juma'a, ta tura sidi 1,200 tun da safe. Ba ta yi zargin komai ba, don ranar biyanta ce, kuma adadin da aka rubuta mata shi ne ainihin abin da ake bin ta.

Alamar da ya kamata ta tsayar da ita guda biyu ce. Kawu ba ya rubutu, muryarsa yake turawa kullum, wannan kuwa rubutacce ne. Sannan kafin a sa lambar sirri, momo yana nuna sunan wanda za a tura wa, kuma sunan da ya fito ba na kowa ba ne da ta sani a shagon. Amma mutum yana tsaye gaban tukunya, masu saye sun yi layi, ba ya tsayawa karanta suna.

Da akwai hanya ɗaya ta yanke wannan tun ranar Juma'a. Wayar Android da ke da asusun Google ana iya shiga `android.com/find` daga wata waya, a kulle ta ko a goge duk abin da ke cikinta, matuƙar tana kan intanet. Na tambayi Kawu adireshinsa na Gmail da kalmar sirri. Ya ce yaron da ya sayar masa da wayar ne ya buɗe, bai taɓa gani ba. Muka samo adireshin a wata takarda cikin kwalin wayar, kalmar sirri babu. Muka danna mantuwa, Google ya ce zai aika lamba zuwa layin, layin da muka rufe yanzu. Komai ya sake komawa kan cif.

Tunda ofishi sai Litinin, abin da ya rage mana baki ne. Na sa shi ya yi saƙon murya da wayata, ya faɗi sunansa, ya ce an sace wayarsa, kada kowa ya tura kuɗi ko ya amsa saƙo daga lambarsa sai ya gan shi ido da ido. Muka tura wa shugaban 'yan layinsu a kasuwa ya sa a zauren WhatsApp ɗinsu, muka roƙi masu kula da zaurukan su cire lambar, aka kuma yi sanarwa a masallacin unguwa bayan isha'i. Ka yi wannan yau ɗin nan, kada kunya ta hana ka. Wani mai sayen gero a Ejura ya gaya mana daga baya cewa yana gab da tura 900 ya ji muryar.

Hajiya kuma na sa ta kira `100` da kanta, don wanda kuɗi ya fita daga asusunsa shi ne mai ƙara. Ta ba da lambar cinikin da ke cikin saƙon da ya zo mata bayan ta tura, da lambar da aka tura wa, da lokaci. Idan kuɗin suna nan a asusun da suka shiga, kamfani yana iya riƙe su har a bincika. Idan an riga an cire su a rumfa, da wuya su dawo, kuma masu wannan sana'a ba sa barin kuɗi su kwana. Nata an cire su tun kafin azahar. Mun kai rahoto a `292`, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa, Kawu kuma ya je caji ofis da kwalin wayar. A jikin kwalin akwai lamba mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda take bambanta wayarka da duk wata irinta. Ita 'yan sanda suke rubutawa. Ka karɓi takardar rahoton ka adana, ko ba don wayar ba, don in an cuci wani da lambarka kana da shaidar ranar da ta bar hannunka.

Litinin da safe yaron ya shiga ofishi a Tamale da katinsa, aka tantance shi, aka ba shi sabon cif mai tsohuwar lamba. Daga lokacin da sabon ya kama, wanda ke hannun ɓarawo ya zama roba. Da aka duba asusun momo sai aka ga a kulle yake tun kafin mu rufe shi: an yi ta gwada lambar sirri ba daidai ba har ya kulle kansa. Abin da ya ceci 6,400 ɗin nan shi ne lambar Kawu ba shekarar haihuwarsa ba ce, ba ƙarshen lambar wayarsa ba ce, kuma bai rubuta ta a cikin wayar ba. Na sha ganin wanda ya ajiye ta cikin lambobin waya da sunan momo, ga kuma hoton katin Gana cikin hotuna da ranar haihuwa ɓaro-ɓaro. Irin wannan ba kuɗin asusu kawai yake rasawa ba. A `*170#` na MTN, ƙarƙashin Financial Services, akwai hanyar jawo kuɗi daga banki da ta karɓar rance, dukkansu da lambar sirri guda ɗin nan. Mutum ya dawo da layinsa ya tarar da bashin da bai ci ba. Don haka in layinka ya dawo, kada ka tsaya ga ganin ragowar kuɗi, ka nemi cikakken bayanin shige da fice tun daga ranar satar. Sabuwar lambar sirri ma mai rajista ne kaɗai ake sake wa, shi ya sa na gargaɗi yaron kada ya bar ofishin sai an gama wannan.

Tun yana can muka tunkari WhatsApp. Na sa manhajar a wata tsohuwar waya a rumfata, na rubuta lambar Kawu, saƙo mai alƙaluma shida ya sauka a Tamale, yaron ya karanto mana. Na yarda da haka ne kawai don mu muka kira shi, kuma kawunsa yana jin muryarsa. Duk wanda ya kira ka yana neman irin wannan lamba, ko ya ce daga kamfani yake, kada ka ba shi. Da na shigar da ita sai manhajar ta nemi wata lamba shida daban, ta Two-step verification. Kawu bai taɓa sa ta ba, ɓarawon ne ya sa don ya toshe mana ƙofa.

Fuskar Kawu ta canza, ya ce shi ke nan an gama da shi. Ba a gama ba. Da zarar ka shigar da lambar da ta zo ta saƙo, an fitar da wanda yake riƙe da asusun, ko ka san lamba ta biyun ko ba ka sani ba. Abin da ya rage shi ne jira: in babu adireshin wasiƙa naka da aka haɗa, sai kwana 7 sun cika za ka iya shiga ba tare da ita ba. Mako guda asusun yana rufe, ba kai ba shi. Ga ɗan kasuwa mako guda babu WhatsApp abu ne mai ciwo, amma ba wanda ake ƙara yi wa ƙarya da sunanka. Kada ka biya kowa da ya ce zai buɗe maka kafin lokacin, ba wanda yake iyawa.

Cif ɗin ya iso Kumasi ranar Talata da asuba, cikin ambulan a hannun direban bas da muka sani. Makon jiran ya yi mana amfani, don a cikinsa muka dawo da Google. Lambar ta zo ta layin, muka sa sabuwar kalmar sirri, muka cire tsohuwar wayar daga jerin na'urorin asusun bayan mun aika mata umarnin gogewa. Lambobin mutane sama da ɗari huɗu suka sauko sabuwar wayar su kaɗai, don a Google suke, ba a cif ba. Kuma dawo da Google kafin WhatsApp yana da muhimmanci: WhatsApp yana tambayar ko za a dawo da tsofaffin hirarraki ne lokacin rajista kawai, kuma sai ya ga asusun Google ɗin da aka yi ajiyar a cikinsa. In ka yi gaggawa ka tsallake wurin, sai ka cire manhajar ka sake daga farko. Da kwana bakwai suka cika muka shiga, muka sa namu Two-step verification da adireshin wasiƙa, muka buɗe Linked devices muka tabbatar babu wata na'ura a jone.

Ajiyar ƙarshe ta wata biyu da suka wuce ce, don an saita ta sai wayar ta samu wayifai, Kawu kuwa ba ya samu sai ya zo rumfata. Duk saƙonnin murya na wata biyun nan, na wanda ya ɗauki buhu da wanda ya biya rabi, sun tafi. Ya sayi littafi ya bi masu sayen kayansa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ake bin sa. Mafi yawa sun faɗi gaskiya. Tsakaninsa da hajiya suka raba asarar biyu, ta biya 600, ya yafe 600. Wayar ba ta dawo ba.

Abu biyu na yi masa kafin ya bar rumfa, kai ma ka yi su ranar da sabon cif ya shiga hannunka. Na farko kullen cif, wanda yake cikin saitin tsaro na waya da sunan SIM lock. In an kunna shi, duk wanda ya zare cif ɗin ya sa a wata waya sai ya san lambar kafin layi ya kama. A yi hattara wajen kunnawa: kuskure uku yana kulle shi, sai da lambar PUK da ke jikin katin robar da cif ya zo a ciki, don haka kada ka yar da katin. Na biyu, ka buga `*#06#` a sabuwar wayar, ka kwafe IMEI a littafin shago tare da adireshin Gmail da lambobin mutum uku da za ka nema in ta ɓaci. Lambar sirrin momo kuwa a kai take zama.

Da babbar sallah ɗan yayar ya zo gida. Washegarin hutu Kawu ya kwashe abin da ke momo, suka tafi ofishi su biyu kowa da katinsa, aka mayar da layin sunan Kawu. Kai ma in ka tuna da sunan wani aka yi naka, shi za ka fara nema yau, kafin kamfani, kafin 'yan sanda. In da naka ne, ɗauki katinka ka kama hanyar ofishi tun kafin a buɗe, kuma ka tafi da wata waya a aljihu don ka gwada sabon cif ɗin kana tsaye a wurin.